Masarar Jimeta Da Kasuwar Chicago: Kwantaragi Nawa Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sayar?

Faɗuwar da farashin masara da sauran hatsi ya yi a kasuwannin Arewa cikin 2025, bayan tashin gwauron zabin da ya yi a 2024, ta jijjiga 'yan kasuwa da dama waɗanda suka cika sito da kaya mai tsada suna jiran damina. Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwa a watan Yuli na 2024 cewa ta janye harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba har tsawon kwana 150, sannan amfanin gona ya biyo baya, sai kasuwa ta juya wa masu ajiya baya. Tun daga wannan lokaci ake yawan jin shawarar cewa manyan 'yan kasuwar hatsi na Jimeta da Yola su koyi kare kansu da kwantaragin cinikin gaba, kamar yadda takwarorinsu na Amirka da Afirka ta Kudu suke yi.

Shawarar ba ta da laifi a kan kanta. Tun da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, a zamanin shirin gyaran tattalin arziki, babu wanda ya sake tsaya wa manomi ko ɗan kasuwa a kan farashi, kowa tasa ta fisshe shi. Abin da ya dame ni shi ne masu ba da shawarar sukan tsallake tambayar da ta fi kowace nauyi, wato kwantaragi nawa za a sayar. Ra'ayina shi ne ba a amsa wannan tambaya da yawan buhunan da ke cikin sito. Ana amsa ta da lambobi uku, kuma idan aka yi lissafin da gaskiya, sau da yawa zai gaya wa ɗan kasuwar masara na Jimeta cewa kasuwar Chicago ba garkuwarsa ba ce.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. A ce wani ɗan kasuwa ya sayi masara buhu 10,000, kowanne kilo 100, wato tan 1,000, a watan Disamba, da niyyar sayarwa a watan Yuni. Tsoronsa shi ne farashi ya faɗi kafin lokacin. Sai ya je wurin dillali ya sayar da kwantaragin masara na watan Yuli a kasuwar Chicago. Ba zai yi lodin ko buhu ɗaya zuwa Amirka ba. Idan Yuni ya zo, zai sayi irin wannan kwantaragi ya rufe cinikin, a biya shi bambancin idan farashin Chicago ya sauka, ko ya biya idan ya hau. Dabarar ita ce ribar da zai samu a can ta toshe asarar da zai yi a nan. Kwantaragi ɗaya na Chicago mudun Amirka 5,000 ne, kimanin tan 127. Saboda haka lissafin da ya fi saurin zuwa wa mutum a rai shi ne ya raba 1,000 da 127, ya sayar da kwantaragi takwas, tan a bakin tan.

Wannan lissafi yana daidai ne kawai idan farashin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, Naira a bakin Naira. To, amma masarar Chicago rawaya ce, ana kai ta ga sito a bakin kogin Illinois, kuma farashinta yana bin ruwan saman Iowa da girbin Brazil da buƙatar Sin. Farashin Jimeta kuwa yana bin damina a Ganye da Mubi da Song, da kuɗin man dizal na tirelar da za ta kai kaya Kudu, da 'yan kasuwar Kamaru da ke shigowa ta iyaka, da buƙatar masu kiwon kaji, da kuma abin da aka yanke a Abuja. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Masana tattalin arziki sun daɗe da warware wannan matsala. Leland Johnson a 1960 da Jerome Stein a 1961 su ne suka fara duban kaya da kwantaragi a matsayin jaka ɗaya wadda ake son rage girgizarta, sannan Louis Ederington ya gwada hanyar da alƙaluman kasuwa a 1979. Abin da suka fitar gajere ne:

h = ρ × (σS ÷ σF)

Harafin h shi ne gwargwadon kariya, wato tan nawa na kwantaragi ya kamata a sayar a kan kowane tan ɗaya da ke cikin sito. Alamar σS ita ce tangaɗin farashin kayanka, ma'ana girman hawa ko saukar da farashin ya saba yi daga wata zuwa wata. Alamar σF ita ce irin wannan tangaɗi ga farashin kwantaragin. Ita kuwa ρ jituwa ce tsakanin motsin farashin biyu. Idan ta kai 1, duk inda ɗaya ya sa ƙafa nan ɗayan yake sawa. Idan sifili ce, babu ruwan wani da wani. Idan ta gangara ƙasa da sifili, suna yawan saɓa hanya.

Dalilin haɗa su haka ba mai wuyar ganewa ba ne. Raba tangaɗi da tangaɗi yana daidaita tsawon takun farashin biyu: idan farashinka yakan yi taku biyu a inda kwantaragi yake yin ɗaya, kana buƙatar kwantaragi ninki biyu kafin ya rufe ka. Ninkawa da jituwa kuma yana rage wannan adadi gwargwadon yadda za ka iya dogara da cewa za su tafi tare. Duk kwantaragin da ka sayar yana kawo abu biyu a lokaci guda, yana kashe wani ɓangare na haɗarin masararka, yana kuma shigo da nasa haɗarin na kansa. A farko abin da yake kashewa ya fi abin da yake kawowa. Da ka wuce wani matsayi, sai lamarin ya juye. Wannan matsayi shi ne h.

Mu ɗauki lambobi na misali, waɗanda na zaɓa don sauƙin lissafi, ba don an auna su a kasuwa ba. A ce farashin tan ɗaya a Jimeta yakan motsa da kimanin Naira 40,000 a wata, sama ko ƙasa. A ce ribar ko asarar kwantaragin Chicago a kan tan ɗaya takan kai kimanin Naira 20,000 a wata. A ce kuma jituwarsu 0.2 ce. Raba 40,000 da 20,000 ya ba da 2, a ninka da 0.2, h ya zama 0.4. Ke nan tan 400 kawai za a rufe daga cikin 1,000, wato kwantaragi uku maimakon takwas.

Yanzu sai mu duba abin da kowane zaɓi yake barin mutum da shi. Ana auna ragowar haɗarin da wannan lissafi, sannan a ɗauki tushensa:

σS² − 2hρσSσF + h²σF²

Idan muka yi aiki da dubbai, wanda bai sayar da kwantaragi ko ɗaya ba yana da 40 sau 40, wato 1,600, tushensa 40. A kan tan 1,000, dukiyarsa tana tangaɗi da Naira miliyan 40 a wata. Wanda ya bi h na 0.4 zai cire 128 ya ƙara 64, ya sami 1,536, tushensa kimanin 39.2. Wanda kuwa ya yi tan a bakin tan zai cire 320 ya ƙara 400, ya tashi da 1,680, tushensa kusan 41. Mai karatu ya lura da kyau: mutumin da ya ɗauka ya rufe kansa ruf, ya biya dillali la'ada, ya ajiye dala a matsayin jingina, shi ne ya fi kowa zama cikin haɗari, har ya fi wanda ya rufe sitonsa ya koma gida ya kwanta.

Akwai ƙa'ida mai sauƙin riƙewa a nan. Idan mutum ya ninka h sau biyu, ya dawo daidai inda ya fara, kamar bai yi kome ba. A misalinmu 0.8 ke nan, kimanin kwantaragi shida. Duk abin da ya haura haka caca ce a kan yanayin Amirka. A ce fari ya afka wa gonakin Amirka, farashin Chicago ya hau da dala 30 a kan tan, a daidai lokacin da masara take faɗuwa a Jimeta. Mai kwantaragi takwas zai biya fiye da dala 30,000, wanda idan dala tana Naira 1,500 ya haura Naira miliyan 45, a kan asarar da ke jiransa a sito. Mai kwantaragi uku zai biya kimanin miliyan 17. Ba tatsuniya ba ce irin wannan tashi, domin masarar Chicago ta haura dala 8 a kan mudu a watan Agusta na 2012 saboda fari, ta kuma sake kai wa nan a Afrilu na 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙanƙantar amfanin ko da an yi lissafin daidai. Daga miliyan 40 zuwa miliyan 39.2 ba wata tafiya ba ce. Dalili kuwa shi ne iyakar abin da kariya za ta iya kashewa shi ne jituwa idan an ninka ta da kanta. Jituwar 0.2 ta ba da 0.04, wato kashi 4 cikin ɗari. Jituwar 0.5, wadda mutane da yawa za su ce madalla da ita, kashi 25 kawai take kashewa, kuma idan aka mayar da wannan zuwa tangaɗin da aljihu yake ji, daga miliyan 40 ne zuwa kusan miliyan 35. Saboda haka lambobin biyu suna amsa tambayoyi daban. Shi h yana faɗin nawa za a sayar idan za a shiga. Ninkin jituwa yana faɗin ko shigar ma tana da amfani. Wanda ya kawo maka na farko bai nuna maka na biyu ba, rabin labari ya ba ka.

Kada a ɗauka cewa hanyar ba ta da amfani ga jihar Adamawa baki ɗaya. Auduga daban take. An san yankin Ngurore, kusa da Yola, da noman auduga da gurzarta tun lokacin da kamfanin Afcott ya kafa gona da injin gurza a can. Wanda yake fitar da gurzajjiyar auduga waje da dala yake ciniki, kuma mai sayensa farashin duniya yake dubawa kafin ya yi tayi. Kwantaragin auduga na New York laba 50,000 ne, kimanin tan 22.7. A ce mai tan 500 ya auna ya ga farashin da ake taya masa yana tangaɗi da santi 4 a kan laba a wata, na kwantaragi santi 4.5, jituwa kuma 0.9. Gwargwadon kariyarsa 0.8 ne. Tan a bakin tan zai ba shi kwantaragi 22, lissafi kuma ya ce 18. A nan kariyar tana kashe kashi 81 cikin ɗari, abin da ya cancanci wahala da la'ada. Duk da haka, tangaɗin da ya rage ya kai kashi 44 cikin ɗari na asali, saboda ingancin zaren audugarmu da kuɗin jirgi da tazarar farashi ba su cikin kwantaragin. Jituwar 0.9 ma ba bango ba ce.

Haka kuma h yana iya haura 1, abin da yake ba wasu mamaki. A ce wata rana an sami kwantaragin masara na cikin gida wanda ake kai kayansa Kano ko Kaduna, tangaɗinsa Naira 25,000 ne saboda kasuwar can ta fi faɗi, jituwarsa da Jimeta kuma 0.8. Lissafi zai ba da 1.28, wato mai tan 1,000 ya sayar da kwantaragin tan 1,280, tangaɗin dukiyarsa ya sauka daga miliyan 40 zuwa miliyan 24. Dubi bambancin wannan da miliyan 39.2 na Chicago.

Lissafin kansa ba shi da wahala. Wanda ya zuba canjin farashin Jimeta na wata 36 a layin B, na kwantaragi a layin C, a cikin Excel, zai sami kome da waɗannan:

```
=CORREL(B2:B37,C2:C37)
=STDEV.S(B2:B37)/STDEV.S(C2:C37)
=SLOPE(B2:B37,C2:C37)
```

Na farko jituwa ne, na biyu rabon tangaɗi, na uku kuma h ne kai tsaye, kuma dole ya yi daidai da na farko idan an ninka shi da na biyu. Wahalar tana cikin abin da aka zuba a layukan, kuma a nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada.

Kuskure mafi girma ga ɗan Nijeriya ya shafi Naira. Abin da mutum zai fara yi shi ne ya ɗauki farashin Chicago na kowane wata ya juya shi zuwa Naira da canjin wannan wata, sannan ya gwama da farashin Jimeta. Zai ga jituwa mai faranta rai, amma ta ƙarya ce. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira, dala ta tashi daga wajen Naira 460 zuwa sama da 750 cikin makonni kaɗan, kuma zuwa Fabrairu na 2024 ta kai wajen 1,500. A cikin wannan tsakani masarar Chicago faɗuwa ta yi, daga sama da dala 6 a kan mudu zuwa wajen dala 4. Idan aka juya zuwa Naira, dala 6 sau 460 ya ba da 2,760, dala 4 sau 1,500 kuma ya ba da 6,000. A takarda farashin Chicago ya ninka fiye da sau biyu, daidai lokacin da masara take tsada a kasuwanninmu. To, amma kwantaragi ba ya biyan kowa saboda faɗuwar Naira. Bambancin farashi na dala kaɗai yake biya. Da a ce wani mai haɗa abincin kaji a Yola ya sayi kwantaragin Chicago a farkon 2023 don gudun tsadar masara, da ya sha kashi ta fuska biyu: ya sayi masara da tsada a gida, ya kuma biya asarar kwantaragi da dalar da ta ninka kuɗi sau uku. Hanyar da ta dace ita ce a fara fitar da canjin farashin da dala, sannan a ninka wannan canji da kuɗin musaya. Alamar da za ta nuna an faɗa wannan rami ita ce a cire watannin da Naira ta yi babbar faɗuwa, a sake lissafi. Idan jituwa ta zube, to motsin Naira aka auna tun farko.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne gwama farashi da farashi maimakon canji da canji. A ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, kusan duk abubuwa biyu da aka jera za su nuna suna hawa tare, ko da masara ce da siminti. Canjin wata zuwa wata shi ake buƙata. Shi ma sai an tace shi, domin kowa ya san masara takan yi araha da kaka, ta yi tsada da tsakiyar damina. Wannan hawa da aka sani ba haɗari ba ne, shi ne ma dalilin da ya sa ɗan kasuwa ya yi ajiya. Abin da ake son aunawa shi ne kaucewar farashi daga abin da aka saba gani a wannan wata. Ta ɓangaren Chicago kuma, watannin kwantaragi biyar ne, Maris da Mayu da Yuli da Satumba da Disamba, kuma idan aka yi tsalle daga wanda ya ƙare zuwa na gaba ba tare da lura ba, tazarar da ke tsakaninsu za ta shiga lissafi kamar motsin kasuwa ne.

Sai batun yawan alƙaluma, wanda ba a cika faɗa wa 'yan kasuwa ba. Da wata 36 kacal, jituwar da ba ta kai wajen 0.33 ba ana iya samunta ta hanyar dace kawai, ko da babu wata dangantaka tsakanin kasuwannin biyu. Ke nan 0.2 ɗin misalinmu ba ta ma tsallake wannan shinge ba. Idan aka auna kuskuren da ke tattare da h na 0.4, gaskiyarsa tana iya kasancewa ko'ina daga ƙasa da sifili zuwa sama da 1. Shekara ɗaya tana iya rikita kome. A 2012, shekarar farin Amirka, ita ce kuma shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kogin Binuwai ya yi ambaliya ya cinye gonaki a Adamawa. A 2022 ma an sami ambaliya a nan da tashin farashi a can. Babu abin da ya haɗa sababin waɗannan abubuwa, amma kwamfuta ba ta san haka ba, jituwa kawai za ta gani. Hanya mafi sauƙi ta gwaji ita ce a raba shekarun biyu, a fitar da h a kowane rabi. Idan rabin farko ya ce 0.9, na biyu ya ce 0.1, ba a sami lambar da za a ɗora dukiya a kanta ba.

Dokokin gwamnati ma suna sauya jituwa a dare ɗaya. Abin da yake ɗaure farashin ƙasashe biyu shi ne yiwuwar ɗaukar kaya daga inda suke da araha zuwa inda suke da tsada. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da lokacin da Babban Banki ya hana ba da kuɗin waje don shigo da masara a Yuli na 2020, an tsinke wannan igiya. Janye harajin 2024 ya ɗan ɗaura ta. Alƙaluman da suka ratsa waɗannan lokuta suna cakuɗa kasuwanni iri biyu ne a tukunya ɗaya.

Wasu za su ce ai a dogon lokaci farashin duniya yakan ja na gida, don haka mai ajiyar wata shida bai kamata ya damu da jituwar wata ɗaya ba. Akwai gaskiya a wannan magana, kuma ƙa'ida ita ce a auna canji a kan tsawon lokacin da za a riƙe kariyar. Sai dai shekara goma cur canjin wata shida ashirin kawai take bayarwa, sai matsalar ƙarancin alƙaluma ta dawo. Bugu da ƙari, kasuwar kwantaragi ba ta jira wata shida. Kullum ake lissafa riba da asara, kuma wanda farashi ya juya wa baya dole ya ƙara jingina da dala cikin gaggawa, ko a rufe cinikinsa. Kamfanin Metallgesellschaft na Jamus ya ɗanɗana wannan a 1993. Ya yi alkawarin sayar da mai a Amirka a kan tsayayyen farashi har na shekara goma, ya kare kansa da kwantaragi na gajeren lokaci ganga a bakin ganga. Da farashin mai ya faɗi, kiran jingina ya yi masa yawa, aka rufe cinikin da asarar da ta haura dala biliyan ɗaya. Masana sun yi ta jayayya a kan ko rufewar ce kuskure, amma da yawa daga cikinsu sun nuna cewa gwargwadon kariyar da ya dace da irin wannan alkawari ya yi ƙasa da 1 nesa ba kusa ba. Idan kamfani mai bankunan Jamus a bayansa ya rasa numfashi, ina ga wanda zai nemi dala a Jimeta cikin kwana ɗaya?

Ya kamata kuma a san iyakar abin da wannan lissafi yake nema. Rage girgiza kaɗai ya sa a gaba, bai bambanta girgizar riba da ta asara ba, bai kuma san la'ada ko kuɗin ruwa ba. Wanda ya ci bashin banki ya sayi kaya, wanda faɗuwar kashi 20 cikin ɗari za ta karya shi, yana da dalilin matsawa kusa da h. Wanda yake juya kuɗin kansa yana iya tsayawa ƙasa da haka. Ga masu kula da hukuncin shari'a, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Jidda a 1992 cewa irin wannan ciniki da ake rufewa da biyan bambanci bai halatta ba. Amma lissafin bai taƙaita ga Chicago ba. Duk wanda yake son ya kare wani kaya ta hanyar sayar da wani kaya daban tun kafin lokaci, ko da ta cinikin salam ne, kamar mai dawa a sito da ya sami mai sayen masara, tambayar da ke gabansa ita ce wannan, kuma lambobin nan uku ne za su amsa ta.

Abin da duk wannan yake nunawa, a ganina, shi ne maganin yana gida. Afirka ta Kudu ta buɗe cinikin gaba na farar masara a 1996, kwantaragi ɗaya tan 100, da kuɗin ƙasar, ana kai kaya ga rumbunan ƙasar, shi ya sa jituwar take da ƙarfi ga manomanta. Mu kuwa an mayar da kasuwar hannun jari ta Abuja ta zama ta kayan amfanin gona tun 2001, kamfanin AFEX ya fara aiki a 2014, amma har yanzu ba mu da kasuwar cinikin gaba ta masara mai zurfin da ɗan kasuwa zai shiga ya fita a duk ranar da ya so. Ranar da aka samu, wurin da aka zaɓa don kai kaya shi zai yanke wa Adamawa hukunci, domin kwantaragin Legas da na Kano ba za su ba Jimeta jituwa ɗaya ba.

Kafin wannan rana akwai aikin da ba ya buƙatar izinin Abuja. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da farashin abinci na jihohi wata wata, amma farashi ne a hannun mai sayar da ɗai ɗai, ba na sari ba. Abin da ake buƙata shi ne ƙungiyoyin 'yan hatsi, tare da ma'aikatar ciniki ta jiha ko sashen tattalin arziki na Jami'ar Modibbo Adama, su riƙa rubuta farashin sari kowane mako a Jimeta da Ngurore da Ganye da Mubi. A rubuta shi a kan kilo, tun da buhu suna ya tara kuma nauyinsa yana sauyawa daga kasuwa zuwa kasuwa. A raba fara da rawaya, a kuma raba sabuwar masara mai danshi da busasshiya, domin wani ɓangare na faɗuwar da ake gani da kaka nauyin ruwa ne. Shekara uku na irin wannan rubutu za ta ba da lambobi 156, kuma da su shingen da jituwa za ta tsallake kafin a yarda da ita zai sauko daga 0.33 zuwa wajen 0.16.